Bidiyon da Ba Ya Tsayawa: Yadda Ake Yanka Shi Gutsi-Gutsi, a Matse Shi Mataki-Mataki

Duk mai kallon bidiyo a waya ya san wannan lamari. Ana cikin kallo hoto tangaran, sai ya ɗan dusashe, fuskar mai magana ta yi hazo-hazo, amma murya ba ta yanke ba, shirin kuma bai tsaya ba. Can bayan ɗan lokaci hoton ya sake washewa. Mutane kan ce sabis ne ya yi ƙasa sannan ya dawo, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai sabis shi kaɗai ba ya iya sauya kyawun hoto. Akwai wanda ya zauna tun kafin a ɗora bidiyon ya yi masa tanadi: ya fitar da shi a matakan inganci daban-daban, ya yayyanka kowane mataki ƙanana-ƙanana, ya kuma rubuta jerin da zai nuna wa wayar mai kallo inda kowane gutsure yake. Inda ba a yi wannan tanadi ba, ko aka yi shi da ganganci, abin da mai kallo ke gani shi ne ɗan zoben nan mai juyawa a tsakiyar allo.

Manyan dandamali irin su YouTube suna yi wa mutum wannan aiki da kansu da zarar ya ɗora bidiyonsa. Amma gidan talabijin da ke son shafinsa na kansa, ko makarantar da ke ajiye darussanta, ko mai shirya fim da ke son sayar da aikinsa ba ta hannun kowa ba, dole ya san yadda abin yake, ko da wani zai ba kwangilar. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce HLS, wadda kamfanin Apple ya fito da ita a 2009, aka kuma wallafa ƙa'idojinta a takardar RFC 8216 a 2017. Tana da takwara mai suna MPEG-DASH, wadda ta zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2012. Dabarar su biyun ɗaya ce, tsarin rubuta jerin ne ya bambanta, don haka a nan za mu bi HLS.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi daga farko. A ce muna da shirin tattaunawa na minti 40, an ɗauke shi da kyamara mai kyau, faɗinsa fiksel 1920, tsayinsa 1080, hotuna 25 a kowane sakan. An gama tacewa, an fitar da fayil ɗaya mai nauyi. Masu kallonsa yawancinsu a waya za su gani, wasu a cikin gari inda sabis ke da ƙarfi, wasu a ƙauye ko cikin mota a kan hanya.

Me ya sa ba za a ɗora fayil ɗin haka nan ba? Saboda fayil ɗaya nauyi ɗaya gare shi. Idan an matse shi ta yadda kowane sakan na kallo yana buƙatar kilobit 2,500, to duk wanda layinsa ba ya iya jawo kilobit 2,500 a sakan zai yi ta tsayawa. Idan kuma an matse shi sosai domin mai raunin sabis, an cuci mai babban allo da layi mai ƙarfi. Abin da ya fi wannan wuya ma shi ne mutum ɗaya yana iya zama duka biyun a cikin minti biyar: yanzu sabis ya cika, an jima ya shiga ɗaki ko mota ta gangara kwari.

Maganin da aka samo shi ne a bar wayar ta riƙa zaɓa da kanta, kuma ba sau ɗaya ba, a kowane 'yan sakanni. Manhajar da ke nuna bidiyon tana da 'yar ma'ajiya inda take tara abin da ta sauko da shi kafin ta nuna. Kamar randa ce da famfo ke zuba wa ruwa ana kuma ɗiba: muddin abin da ke shiga ya kai abin da ake ɗiba, ba wanda zai ga ƙasanta. A shirinmu, gutsure ɗaya na sakan 6 a matsakaicin mataki nauyinsa kusan kilobait 570 ne. Idan layin yana jawo kilobit 1,000 a sakan, gutsuren zai sauko cikin sakan huɗu da rabi, wato kafin a gama kallon na gabansa, ma'ajiya tana ƙaruwa. Idan layin ya faɗi zuwa 500, wannan gutsure zai ɗauki sama da sakan 9, alhali kallonsa sakan 6 ne. Manhajar tana auna wannan, ta ga tanadinta yana raguwa, sai ta nemi gutsure na gaba daga mataki na ƙasa, wanda zai sauko cikin ƙasa da sakan 5 ko a wannan raunin. Dusashewar da mai kallo ya gani ke nan. Kwamfutar da ke ajiye da bidiyon, wadda ake kira saba, ba ta yanke shawarar komai. Fayiloli kawai take miƙawa ga duk wanda ya nema, kamar yadda take miƙa hoto ko rubutu.

Zaɓen matakai

Aiki na farko shi ne a tsai da matakai nawa za a yi da nauyin kowanne. Ga shirin tattaunawa irin namu, inda mutane ke zaune kuma kyamara ba ta yawan motsi, matakai huɗu sun wadatar. Na ƙasa mai tsayin fiksel 240 a kan kilobit 300 a sakan. Na biyu 360 a kan 700. Na uku 480 a kan 1,200. Na sama 720 a kan 2,500. Sauti kuma a bar shi iri ɗaya a duka huɗun, kilobit 64, domin kunne ya fi ido saurin kama sauyi. Hoto yana iya dusashewa mutum bai damu ba, amma idan murya ta sauya kauri a tsakiyar jimla nan take zai ji.

Za a lura cewa kowane mataki ya kusa ninka na ƙasansa. Da gangan ne. Idan matakai biyu sun yi kusa da juna ƙwarai, an ɓata wurin ajiya da lokacin matsewa a kan bambancin da ido ba ya gani, manhaja kuma tana iya yin ta kai da kawo tsakaninsu. Idan sun yi nisa, mai layin da ya faɗa tsakiya zai sami hoton da bai kai abin da layinsa zai iya ɗauka ba.

Waɗannan lambobi ba dokar da ba ta sauyawa ba ce. Wasan ƙwallo, ko hawan sallah da dawakai ke sukuwa ƙura na tashi, yana buƙatar nauyi fiye da haka a kowane mataki, domin kusan komai a hoton yana motsi. Malami a gaban allo kuwa ko an rage masa ba zai nuna ba. Kamfanin Netflix ya sanar a 2015 cewa ya daina amfani da matakai iri ɗaya ga dukan fina-finansa, ya koma auna wa kowane fim nasa. Ƙaramin mai aiki ba shi da irin na'urorinsu, amma yana iya yanko minti ɗaya daga wurin da ya fi motsi a bidiyonsa, ya matse shi, ya duba a waya kafin ya saki sauran. Abu ɗaya da ba a yi shi ne ƙirƙirar matakin da ya fi asalin bidiyon girma. Wanda aka ɗauka a 720 ba ya zama 1080 don an buɗa shi. Nauyi kawai aka ƙara.

A ganina matakin ƙasa ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mai shirya bidiyo yana zaune gaban babbar kwamfuta, matakin sama yake kallo yana jin daɗi, alhali yawancin masu kallonsa ba za su taɓa ganin wannan mataki ba. Dubi lissafin data. Kallon minti 40 a matakin 720 zai ci kusan megabait 770. A 360 kusan 230. A 240 kusan 110. Ga wanda ya sayi gigabait ɗaya yana lallaɓa shi, wannan shi ne bambancin kallon shiri ɗaya da kallon tara. Don haka a buɗe matakin 240 a ƙaramar waya, a duba ko ana iya karanta sunan baƙon da aka rubuta a ƙasan allo. Idan ba a iyawa, gyaran yana wurin tacewa: a ƙara girman rubutun. Idan kuma shirin karatu ne ko wa'azi, inda magana ce kan gaba, ana iya ƙara mataki na sauti zalla, wanda minti 40 ɗinsa bai kai megabait 20 ba.

Inda wuƙa za ta bi

Nan ne gundarin aikin yake, kuma nan aka fi yin ɓarna. Bidiyon da aka matse ba jerin cikakkun hotuna ba ne. Da a ce kowane ɗaya daga hotuna 25 na kowane sakan cikakke ne, da nauyin ya ƙaru ƙwarai. Abin da ake yi shi ne a ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan hotunan da ke biye da shi su ɗauki bambanci kawai: leɓe ya motsa, hannu ya ɗaga, bango yana nan yadda yake. Bayan wani lokaci a sake ajiye wani cikakken. Masu sana'ar suna kiran wannan cikakken hoto kifirem. Manhaja ba ta iya fara nuna komai daga hoton bambanci, domin ba ta san daga me aka bambanta ba. Saboda haka kowane gutsure dole ya fara da kifirem.

Daga nan sharaɗi na biyu ya fito. Tunda manhaja za ta iya gama gutsure na 12 a matakin 720 ta nemi na 13 a matakin 240, dole na 13 ya fara a daidai sakan ɗaya a dukan matakan. Idan a wani mataki ya fara a sakan na 72, a wani kuma a na 75, duk lokacin da aka sauya mataki mai kallo zai iya ganin tsalle, ko maimaici, ko ɗan tsayawa, gwargwadon yadda manhajarsa ta iya rufa asiri.

Matsalar ita ce manhajar matsewa, idan an bar ta da ra'ayinta, ba ta damu da wannan ba. Wadda aka fi amfani da ita wajen fitar da H.264, wato x264, tana iya barin hotuna har 250 tsakanin kifirem biyu, sakan 10 ke nan a bidiyonmu, kuma tana jefa ƙarin kifirem duk inda ta ga fage ya sauya. Wannan dabara ce mai kyau ga fayil ɗin da za a sauke a kalla gaba ɗaya. Ga namu aikin kuwa illa ce, domin abin da ta ɗauka sauyin fage ne a babban hoto ba lallai ta ɗauke shi haka a ƙarami ba, sai wuraren yanka su saɓa. Dole a tilasta mata: kifirem a kowane sakan 2, ba ƙari ba ragi. Hotuna 25 sau 2, hamsin ke nan. Gutsuren sakan 6 zai ƙunshi irin wannan rukuni uku cif.

Tsawon sakan 6 shi ne abin da Apple ke ba da shawara yanzu. A farkon HLS sakan 10 aka saba. Gajeren gutsure yana sa a fara kallo da wuri a kuma sauya mataki da sauri, amma yana yawaita fayiloli da yawan buƙatun da waya ke aikawa. Dogo yana rage wannan, sai dai idan sabis ya faɗi a tsakiyarsa manhaja ta makale da babban kaya.

Ga umarnin da zai fitar da matakin 360 da manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce kuma ita ce a ƙarƙashin yawancin irin wannan aiki. Sai an fara buɗe foldar `360p` kafin a ba da shi:

```
ffmpeg -i shiri.mp4 -vf "scale=-2:360,fps=25" \
  -c:v libx264 -profile:v main -pix_fmt yuv420p \
  -b:v 700k -maxrate 770k -bufsize 1400k \
  -g 50 -keyint_min 50 -sc_threshold 0 \
  -c:a aac -b:a 64k -ac 2 -ar 48000 \
  -f hls -hls_time 6 -hls_playlist_type vod \
  -hls_segment_filename "360p/g_%03d.ts" 360p/jeri.m3u8
```

Layi na huɗu shi ne wanda muka daɗe muna magana a kansa: `-g 50` da `-keyint_min 50` suna kafa tazarar kifirem, `-sc_threshold 0` kuma yana hana ƙarin kifirem a sauyin fage. A kula cewa `-hls_time 6` roƙo ne kawai. ffmpeg ba ya yanka sai a kan kifirem na farko da ya tarar bayan lokacin ya cika, don haka in an manta layi na huɗu, a rubuta 6 a sami gutsuren sakan 10. Layi na uku yana ɗaure nauyi: matsakaici 700, kada ya yi ta haurawa sama da 770, domin wurin da motsi ya yi yawa kada ya kumbura gutsure ɗaya ya shaƙe layin mai kallo. Shi kuwa `fps=25` yana maganin wata cuta ta bidiyon da aka ɗauka da waya, wadda takan sauya yawan hotuna a sakan gwargwadon haske; in ba a daidaita ba, hotuna 50 ba za su riƙa zama sakan 2 ba. Idan asalin bidiyon 30 ne a sakan, sai a sa 30 a nan, tazarar kifirem ta koma 60. Alamar `-2` tana sa a lissafa faɗi ya dace da tsayi kuma ya zama lamba mai rabuwa biyu, domin x264 ba ya karɓar mara a wannan tsari.

Ana maimaita umarnin sau huɗu, ana sauya tsayi da nauyi da sunan folda, sauran kuwa ba a taɓa su. Kuma kowane mataki daga asalin fayil ake fitar da shi. Wanda ya fitar da 360 daga 720 da ya riga ya matse ya tara lahani a kan lahani. ffmpeg yana iya yin duka huɗun a umarni ɗaya ta hanyar `-var_stream_map`, amma mai koyo gara ya bi ɗaya-ɗaya ya ga abin da ke fitowa.

Abin da ke fitowa kuwa shi ne: minti 40 sakan 2,400 ne, a raba da 6, gutsure 400 a kowane mataki, daga `g_000.ts` zuwa `g_399.ts`. Matakai huɗu, fayiloli 1,600, jimillar nauyinsu wajen gigabait ɗaya da rabi. Tun 2016 HLS tana karɓar gutsure irin na MP4 a madadin `.ts`, kuma wannan yana ba da damar HLS da DASH su yi tarayya a fayiloli ɗaya, amma sharuɗɗan yanka ba su sauya ba.

Jeri biyu, ƙarami da babba

A cikin kowace folda akwai ɗan fayil mai ƙarewa da `.m3u8`. Rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi da kowace manhajar rubutu. Na matakin 360 zai yi kama da haka:

```
#EXTM3U
#EXT-X-VERSION:3
#EXT-X-TARGETDURATION:6
#EXT-X-MEDIA-SEQUENCE:0
#EXT-X-PLAYLIST-TYPE:VOD
#EXTINF:6.000000,
g_000.ts
#EXTINF:6.000000,
g_001.ts
#EXT-X-ENDLIST
```

Na gaskiyar yana da gutsure 400 kafin layin ƙarshe. Wannan fayil shi ne shaidar ko an yi aikin daidai, kuma dubansa ba ya ɗaukar minti ɗaya:

```
grep EXTINF 360p/jeri.m3u8 | sort | uniq -c
```

Idan komai lafiya, amsar layi ɗaya ce ko biyu: duka sakan 6, sai watakila na ƙarshe da ya gaza. Idan aka ga tarkacen lambobi, wannan 10, wancan 4.2, wani 8.4, to kifirem ba su zauna ba, sai a koma a sake matsewa. A yi wannan duba a duka foldoji huɗu, amsoshin su zama iri ɗaya.

Layin ƙarshe, `#EXT-X-ENDLIST`, ƙarami ne amma rashinsa yana rikita mutane. Shi ke gaya wa manhaja cewa bidiyon ya ƙare. Idan babu shi, manhaja tana iya ɗaukar shirin a matsayin na kai tsaye: ta fara daga kusa da ƙarshe, ta ƙi nuna tsawonsa, ta yi ta sake neman jerin tana jiran sabon gutsure. Haka shirin kai tsaye yake aiki da ma. Jerinsa yana ƙaruwa, kuma ƙa'ida ta ce kada a fara kallo kusa da ƙarshe fiye da tsawon gutsure uku, abin da ya sa mai kallon ƙwallo ta intanet kan ji ihun maƙwabta masu talabijin kafin ya ga an ci.

Sai babban jeri, wanda shi kaɗai ake ba manhajar kallo adireshinsa. Ba ya ambaton gutsure ko ɗaya. Matakai yake lissafawa. Ga biyu daga cikin huɗun:

```
#EXTM3U
#EXT-X-STREAM-INF:BANDWIDTH=920000,AVERAGE-BANDWIDTH=800000,RESOLUTION=640x360,CODECS="avc1.4d401e,mp4a.40.2"
360p/jeri.m3u8
#EXT-X-STREAM-INF:BANDWIDTH=3100000,AVERAGE-BANDWIDTH=2700000,RESOLUTION=1280x720,CODECS="avc1.4d401f,mp4a.40.2"
720p/jeri.m3u8
```

Lambar `BANDWIDTH` ita ce manhaja ke dogara da ita wajen zaɓe, kuma a nan ake yawan yi mata ƙarya ba da niyya ba. Mutum ya tuna ya rubuta 700 a umarninsa, sai ya sa 700000. Amma ƙa'ida tana neman ƙololuwar nauyi ne, na gutsuren da ya fi kowanne, haɗe da sauti da nauyin kunshin fayil ɗin kansa. Hanyar samunta ita ce a duba foldar, a nemo gutsuren da ya fi girma, a ninka da 8, a raba da tsawonsa. A ce mafi girma a matakin 360 kilobait 690 ne: sau 8 ya ba da 5,520, a raba da 6, kilobit 920 a sakan. Abin da za a rubuta ke nan. Idan an rubuta ƙasa da gaskiya, wayar da layinta ke jawo 800 za ta ga kamar matakin ya yi mata daidai, ta ɗauka, ta maƙale a wurin da motsi ya yi yawa, ta sauka, ta sake hawa, ta sake maƙalewa. Alamar wannan cuta ita ce bidiyon yana tsayawa a wuri ɗaya kullum, ko wa ya kalla.

Jerin matakan ma yana da tasiri. Manhajoji da dama, musamman na na'urorin Apple, sun saba farawa da matakin da aka rubuta a farko, domin a lokacin ba su auna layin ba tukuna. Shi ya sa na sa 360 a sama. Wanda ya sa 720 a farko don hoton farko ya burge, ya sa mai raunin sabis zaman jiran kusan megabait biyu kafin ya ga komai, kuma mutane da yawa ba sa jira. Sashen `CODECS` kuwa yana gaya wa na'ura irin matsewar da aka yi, domin ta tsallake abin da ba za ta iya buɗewa ba tun kafin ta sauko da shi. H.264 da sautin AAC su ne har yanzu suka fi shiga kowace waya, tsohuwa da sabuwa. Sababbin hanyoyi irin su HEVC da AV1 suna rage nauyi, amma ba kowace na'ura ke ɗaukarsu ba, don haka ƙari ake yi da su a kan H.264, ba a maye gurbinsa.

Bayan an ɗora

Sauran matsalolin na saba ne, kuma kusan kullum guda uku ne. Ta farko, sunayen fayiloli: babban jeri yana nuna hanya zuwa ƙananan, ƙananan suna nuna gutsure, don haka in an sauya sunan folda ko an mai da ƙaramin baƙi babba, sai a sami kuskuren 404. A kwamfutar Windows `360P` da `360p` ɗaya ne, a sabar Linux kuwa abu biyu ne, shi ya sa bidiyo kan yi aiki a ofis ya ƙi a intanet. Ta biyu, saba ta san nau'in fayil: `.m3u8` a miƙa shi a matsayin `application/vnd.apple.mpegurl`, `.ts` kuma `video/mp2t`. Ta uku ita ce mai ruɗarwa: bidiyo yana aiki a iPhone, ya ƙi a burauzar kwamfuta. Safari yana buɗe HLS da kansa, amma shafuka da yawa suna dogara da 'yar manhajar hls.js domin sauran burauzoji, ita kuma idan bidiyon yana wani adireshi daban da na shafin, ba za a bar ta ta ɗauko shi ba sai saba ta aiko da izinin `Access-Control-Allow-Origin`.

Gwaji na ƙarshe shi ne a ga sauyin mataki da ido. A burauzar Chrome a danna F12, a shiga sashen Network, a kunna bidiyon. Za a ga sunayen gutsure suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Bayan ya hau matakin 720, a zaɓi rage gudun layi daga wannan sashe zuwa na 3G. Cikin ɗan lokaci ya kamata a ga buƙatun sun koma foldar `240p` ko `360p`, lambar gutsure tana ci gaba daga inda take, murya ba ta yanke ba. A mai da gudun yadda yake, a ga ya sake hawa. Yawancin manhajoji suna saurin sauka amma suna jinkirin hawa, don haka kada a ɗauka ya lalace in ya ɗan daɗe a ƙasa. Idan a wurin sauyin hoto ya yi tsalle ko leɓe ya saɓa da murya, a koma kan kifirem da sauti. Idan ya ƙi sauka har ya tsaya cak, a koma kan lambobin `BANDWIDTH`, ko kuma matakin ƙasan ne bai yi ƙasa sosai ba.

Wannan gwaji na burauza yana rage gudu ne a miƙe, alhali sabis na gaskiya hawa da sauka yake yi, wani lokaci ya ɓace ɗungum na 'yan sakanni. Saboda haka kafin a sanar da jama'a, a ɗauki waya mai araha, a kashe wayifai, a kunna data, a kalli aƙalla minti goma a wurin da aka san sabis ba shi da ƙarfi, a kuma ja bidiyon gaba da baya sau da yawa, domin ja mai nisa yakan tsallake abin da ke ma'ajiya ya tilasta wa manhajar sake tara gutsure daga sabon wuri.